Gizo da hankaki: yaya zan faɗi darasin da bakina?

Tambaya: Malam, a gafarce ni. An ba mu tatsuniyar Gizo da hankaki a aji, aka ce kowa ya bayyana darasinta da kalmominsa. Karin magana biyar ne a ciki: zumunta a ƙafa take, sauri ya haifi nawa, kwaɗayi mabuɗin wahala, kayan aro ba ya rufe katara, sai baƙo raɓa ne. Ni dai na rubuta cewa darasin shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala. Malama ta dawo mini da takardata, ta ce wannan ba maganata ba ce, in sake. To me zan rubuta, tunda karin maganar ya riga ya faɗi komai?

Amsa: 'Yata, malamarki ta yi miki gata. Abin da kika rubuta ba ƙarya ba ne, amma bai nuna mata ko kin gane tatsuniyar ko ba ki gane ba. Yarinyar da ba ta karanta ko layi ɗaya ba, in ta leƙa takardar ta hango kalmar kwaɗayi, za ta iya rubuta daidai abin da kika rubuta. Karin magana kamar ƙunshi ne da magabata suka ɗaure suka ajiye. An ce ki kwance ki nuna abin da ke ciki, ke kuma sai kika miƙa shi a ɗaure kamar yadda aka ba ki. Sannan akwai abin da ya fi wannan, wanda shi nake so ki gani da idonki: a wannan tatsuniyar, karin maganar da kika zaɓa bai faɗi komai da komai ba. Ya taɓo gefen maganar ne kawai.

Abu na farko da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su ture karin maganganun gefe ɗaya, su ba ni labarin tsurarsa. Ki ɗauki fensir ki ja layi a ƙarƙashin kowane karin magana, sannan ki karanta tatsuniyar kina tsallake su. Za ki ga labarin bai rushe ba, domin abin da ke riƙe da shi ayyukan taurarin ne, wato abin da Gizo ya yi da abin da aka yi masa. Ga ta yadda na san ta, kuma kada ki damu in taki ta ɗan saɓa, tatsuniya a baki take yawo, kowane mai ba da ita da irin gishirin da yake sa mata.

Hankaki sun san wata bishiyar ɓaure a tsakiyar kogi, inda babu mai isa sai mai fiffike. Gizo ya ga suna dawowa da ɓaure nunanne, ransa ya biya, ya yi ta zarya gidansu har suka yarda za su tafi da shi da asuba. Gizo bai iya jiran asuba ba. Cikin dare ya je ya tashe su, wai gari ya waye, suka ce ya koma. A wasu bakunan har wuta ya kunna don a ga haske a zaci alfijir ne, a wasu kuma zakaru ya takura wa suka yi cara. Da lokaci ya yi, kowane hankaka ya cire gashi ɗaya ya ba shi, aka haɗa masa fiffike, suka tashi tare. Da suka sauka a kan bishiyar, duk ɓauren da wani hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya fara ganinsa, nasa ne. Haka ya yi ta yi har ya cika jakarsa, masu bishiyar ba su sami na sawa a baki ba. Sai kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi. Gizo ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa a gidan kada, ya yi musu ƙaryar shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun da daɗewa. Aka saukar da shi a ɗakin da ƙwai suke. Cikin dare ya cinye ƙwan, ya bar ɗaya. Da safe da aka zo ƙirga, ƙwan nan ɗaya ya yi ta nunawa yana mayarwa yana sake ɗaukowa, har lissafi ya cika. Aka sa a ƙetarar da shi gaɓa, kafin a gano ɓarnar ya tsere.

To yanzu da labarin yake gabanki ba ado, sai ki nemi wurin da al'amari ya juya. Kowace tatsuniya tana da irin wannan wurin, inda kafinsa abubuwa suna tafiya wa tauraro daidai, bayansa kuma suka dagule. A nan ba shi da wuyar gani: lokacin da hankaki suka zare gashinsu. Sai ki tsaya a nan ki yi wa kanki tambaya ɗaya, kuma kada ki yi gaggawar amsa ta: me Gizo ya yi, takamaimai, da ya sa suka zare?

In kika ce kwaɗayi, zan tambaye ki, ashe hankakin ba ɓaure suka je ci ba? Su ma suna so. Kuma sun san Gizo yana kwaɗayin ɓauren tun ranar da ya fara zarya gidansu, amma hakan bai hana su ɗaukarsa ba. Ya dame su cikin dare, nan ma suka yi haƙuri, suka ba shi gashinsu. Da Gizo ya hau bishiyar ya ci ɓaure har cikinsa ya yi tim, ya cika jaka, amma ya bar kowane hankaka ya tsinki nasa, da tare za su dawo gida lafiya. Ke nan son ɓauren bai jefa shi ruwa ba. Abin da ya jefa shi shi ne ya hana waɗanda suka kawo shi, alhali fiffiken da zai koma da shi gida a hannunsu yake. Ya manta cewa hawan da ya yi na aro ne. Wannan shi ne zuciyar tatsuniyar, kuma kin ga ya fi kwaɗayi zalla ƙunci da kaifi. Akwai butulci a ciki, akwai kuma rashin lissafi irin na wanda ya sare reshen da yake zaune a kai.

Hanyar da na bi na kai nan ita ce wadda za ki riƙa bi a kowace tatsuniya: ki canza aiki ɗaya na tauraron a zuciyarki, ki ga ko ƙarshen zai canza. Da bai tashe su cikin dare ba, zai faɗa ruwa? Zai faɗa, tunda abin da ya yi a kan bishiya yana nan. Ashe tashin dare ba shi ne sanadi ba. Da bai hana su ɓaure ba fa? Ba zai faɗa ba. To nan darasin yake kwance. Aikin da in an cire shi ƙarshen labari ya sauya, shi ne aikin da tatsuniyar take magana a kansa. Sauran duk rakiya suka yi.

Sai yanzu za mu koma ga karin maganganunki biyar, kuma abin da za ki fara dubawa game da kowanne ba ma'anarsa ba ce. Ki duba bakin wa ya fito, kuma a wane hali. Wannan shi ne abin da ɗalibai suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kayar da su. Karin magana a cikin littafin karin magana ba shi da mai shi. Amma a cikin tatsuniya wani ne ya faɗe shi, ga wani, don wata bukata, kuma bukatar ba kullum take ta gaskiya ba.

Ɗauki zumunta a ƙafa take. Magana ce mai kyau, ma'anarta dangantaka ba ta rayuwa sai da ziyara, sai ka taka ka je. Ki duba takardarki, ina kyautata zaton a bakin Gizo za ki same ta, ko lokacin da yake zarya gidan hankaki, ko lokacin da yake shigar wa kada da rigar 'yan'uwantaka. A duk wuraren biyu ba zumunci ya kai shi ba, cikinsa ne ya kai shi. Ya ɗauki magana ta gaskiya ya yi mabuɗi da ita don a buɗe masa ƙofa. Na taɓa samun takardar wani yaro mai ƙoƙari ƙwarai da ya rubuta cewa tatsuniyar tana koya mana mu riƙa ziyartar 'yan'uwa. Ya yi bayani mai tsabta, da kalmominsa, ba kuskuren rubutu ko ɗaya, amma ya ɗauki ƙaryar Gizo ya mai da ita darasi. Da na kira shi na ce ya nuna mini wanda ya ziyarci ɗan'uwansa a labarin, ya yi shiru yana bin layukan da yatsa, can ya ɗago ya ce, "Malam, ai ba kowa." Tun daga ranar, kafin ya taɓa kowane karin magana sai ya rubuta sunan mai faɗinsa a gefen takarda. Ke ma ki yi haka. Karin maganar da ya fito daga bakin mayaudari yana cikin yaudararsa, abin da yake koya miki shi ne yadda ake yaudara da daɗin baki, ba abin da kalmominsa suke cewa ba.

Sauri ya haifi nawa kuwa wurinsa daren nan ne da Gizo ya kasa barci. Ki kula da kalmar nawa a nan, domin a rubuce tana ruɗarwa. Ba nawa ta tambayar adadi ba ce, ba kuma nawa ta mallaka ba. Nawa ce ta jan jiki, irin wadda ake cewa wane yana da nawa, wato ba ya gama abu da wuri. Ma'anar ita ce gaggawa takan jawo jinkiri. Magana ce daidai, kuma ta dace da wurin, amma kin riga kin gwada kin gani cewa tashin dare bai canza ƙarshen labari ba. Aikinta ta nuna mana halin Gizo tun kafin a je ko'ina, mai sauraro ya fara zargin cewa tafiyar nan ba za ta ƙare lafiya ba. Za ki iya ambatonta a jimla ɗaya ki wuce.

Saura biyu da suke takarar zama kan gaba a rabin farko na labarin, wato kwaɗayi mabuɗin wahala da kayan aro ba ya rufe katara, kuma a ganina kayan aro ba ya rufe katara ya fi kusa da inda labarin ya juya. Bari in nuna miki yadda ake kwance shi, domin haka za ki kwance kowanne. Da farko ki ga hoton da ke cikinsa da idon zuci, kamar ba karin magana ba ne. Katara ita ce wajen ƙugu zuwa saman cinya, wurin da dole sutura ta rufe. Mace ta ari zane, ba don jikinta aka yanke shi ba, ta ja nan can ya buɗe, kuma ko ya rufe, mai shi tana iya aikowa a karɓa a kowane lokaci. Wannan shi ne hoton. Sai ki ɗauki kowane abu na cikin hoton ki nemo takwaransa a tatsuniya. Zanen aro shi ne gashin hankaki. Mai aro Gizo. Katarar da ta buɗe ita ce halin da ya shiga a tsakiyar kogi, ba fiffike ba kwalekwale. Daga nan sai ki faɗi maganar ba zane ba gashi, yadda za ta hau kan mutum: abin da wani ya ara maka ba naka ba ne, yana iya karɓewa a lokacin da ka fi bukatarsa. Kin ga matakin ƙarshen nan shi ne abin da malamarki take nufi da kalmominki. Ba wai ki nemo wasu kalmomi masu kama da na karin maganar ki jera ba. Ki fita daga hoton gaba ɗaya, ki tsaya a kan abin da hoton yake nuni gare shi.

Amma ko wannan bai cika ba sai kin haɗa shi da abin da kika gano a kan bishiya. Karin maganar ya ce aro ba abin dogaro ba ne. Tatsuniyar ta ƙara da abin da karin maganar bai faɗa ba: hankakin ba haka kawai suka karɓe kayansu ba, Gizo ne ya ba su dalili. Shi ya sa nake ce miki babu karin magana ɗaya a cikin biyar ɗin da ya ɗauke darasin duka. Kwaɗayi ya ba ki abin da ya tura Gizo. Kayan aro ya ba ki raunin da yake tattare da shi. Ke ce za ki ɗinke su da zaren da kika samo daga aikin da ya yi, kuma wannan ɗinkin ba ya cikin takardar da aka ba ki, dole daga kanki zai fito.

Yanzu ga wurin da tatsuniyar take da wuya, inda nake gane ɗalibin da ya karanta har ƙarshe. In darasin shi ne kwaɗayi yana kai mutum ga wahala, yaya za ki yi da rabi na biyu? Gizo ya maimaita halinsa a gidan kada, har ma ya fi na farko muni, domin wancan ɓaure ne, wannan kuwa 'ya'yan masu masaukinsa ya cinye. Kuma babu abin da ya same shi. Ya haye gaɓa da cikinsa a cike. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya yi karamci. Yawancin ɗalibai sukan rufe ido su yi kamar labarin ya ƙare a faɗawa ruwa, saboda rabi na biyu yana ɓata musu darasin da suka riga suka shirya. Kada ki yi haka. Darasin da sai an yanke rabin labari yake tsayawa, bai tsaya ba.

Tatsuniyoyin Gizo da yawa haka suke. Ba a gina su don a nuna cewa kowane mugu yana gamuwa da sakamakonsa nan take ba. Gizo yakan sha kashi, yakan kuma sha da ƙyar, wani lokaci ma ya ci riba. Idan ya tsira, sai ki juya ki dubi waɗanda ya cuta, domin darasin ya koma wajensu. Me kada suka yi da ya ba shi dama? Sun karɓi maganar baƙo ba bincike, don kawai ya kira kansa ɗan'uwa. Sun kwantar da wanda ba su sani ba a ɗakin da abin da ya fi komai daraja gare su yake. A yadda aka fi ba da labarin, da ƙwan suka fara fashewa cikin dare an ji ƙarar, yara suka yi magana, manya suka ce a ƙyale baƙo. Nan ne wurin baƙo raɓa ne, wato kwana kaɗan zai yi ya wuce kamar yadda raɓa take bushewa in rana ta fito, don haka a yi haƙuri da shi. Maganar tana da kyau, kuma da zuciya ɗaya aka faɗe ta, amma a daren nan ita ce ta toshe kunnen masu gida daga gargaɗin da ya zo musu. Raɓar ta wuce da safe kamar yadda aka ce, sai dai ta tafi da ƙwai. Da safe kuma suka bar wanda ya kwana da ƙwan shi ne mai ɗauko su a ƙirga. Kin ga wannan karin maganar ma ba a sa shi don ki ɗauke shi a matsayin darasi ba. An sa shi ne ki ga yadda magana mai kyau take zama sanadin asara in aka yi aiki da ita ba a duba hali ba.

Ina so ki yi hattara a nan, kada ki zarce ki ce tatsuniyar tana hana karɓar baƙi ko tana hana taimako. Ba ta ce haka ba. Ki kwatanta hankaki da kada, za ki ga bambancin. Dukansu sun yi wa Gizo alheri. Hankaki sun ga halinsa a kan bishiya, suka janye nan take, asararsu ta tsaya a ɓauren yini ɗaya. Kada sun ji alama suka kau da kai, asararsu ta kai ga zuriya. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya yi bayan alama ta bayyana.

To bari mu zo ga rubutun kansa. Ga irin amsar da nakan samu a karo na biyu, bayan na mayar wa ɗalibi da takardarsa: "Darasin shi ne kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Wannan musanya ce kawai, an ajiye ƙunshi an ɗauko wani ƙunshin. Ga wata: "Darasin shi ne kwaɗayi ba shi da kyau, mu guji kwaɗayi domin yana kawo wahala." Wannan ta fi yaudarar mai rubuta ta, domin yana ganin ya yi da kalmominsa, alhali karin maganar ne ya warware wa ɗinki ya shimfiɗa, kalmomin nan biyu, kwaɗayi da wahala, suna nan inda suke. Akwai kuma mai sake ba da labarin tun daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus, ya cika shafi, bai ce ga abin da ya fahimta ba. Akwai mai barin tatsuniyar baki ɗaya ya hau nasiha a kan tarbiyya, wadda ba Gizo ba hankaka a cikinta.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna miki ko jimlarki ta kama wannan tatsuniyar ko tana shawagi ne a sama. Ki ɗauki jimlar ki ɗora ta a kan wata tatsuniyar, misali kowace daga cikin tatsuniyoyin kura da kwaɗayinta. In ta zauna daram a can ma, to ta yi faɗi da yawa, ba ki gama aiki ba. "Mu guji kwaɗayi" za ta hau kan tatsuniya hamsin. Amma "kada ka hana wanda ya kai ka wurin samu, domin komawarka tana hannunsa" ba za ta hau kan kowacce ba, sai wadda aka yi aro aka yi butulci a cikinta. Gwargwadon yadda jimlarki ta ƙi zama a kan wasu labaran, gwargwadon yadda ta kama naki.

Ga yadda amsa mai kyau za ta iya kasancewa. Ban ba ki don ki kwafa ba, in kika kwafa kin koma gidan jiya, maganar wani ce dai kika sake miƙawa. Ki dubi ƙirarta kawai:

"Abin da na fahimta daga wannan tatsuniya shi ne, mutumin da wasu suka ɗaga shi ya kai inda ba zai iya kai kansa ba, bai kamata ya juya ya hana su abin da suka kai shi gare shi ba, domin suna iya janye taimakonsu a lokacin da ba shi da wata madafa. Gizo ya isa bishiyar ne da gashin hankaki, amma ya hana su ɓaure, suka karɓe gashinsu suka bar shi a tsakiyar ruwa. Wannan ne ya sa aka kawo karin maganar kayan aro. Tatsuniyar ta kuma nuna cewa faɗawa ruwa bai canza Gizo ba, don ya cuci kada fiye da yadda ya cuci hankaki. Saboda haka akwai darasi ga mai taimako ma: in ya ga alamar cuta daga wanda yake taimako, ya bincika, kada kunya ko daɗin baki su hana shi."

Ki lura da yadda aka jera ta. Jimlar farko darasi ne tsantsa, ba sunan Gizo, ba dabba, ba karin magana, magana ce a kan mutane. Ta biyu hujja ce daga labarin, aiki ɗaya tak, wanda labarin ya juya a kansa, ba a sake ba da tatsuniyar duka ba. Sai a jimla ta uku karin magana ya shigo, a matsayin shaida, bayan an riga an faɗi magana. Wannan jerin yana da muhimmanci. Ba a hana ki kawo karin magana a amsarki ba, kuma in kin kawo shi a wurinsa yana ƙara mata armashi. Abin da ba a so shi ne ya tsaya a madadinki. In ya zo a gaba, shi ya yi magana ke kika yi shiru. In ya zo a baya, ke kika yi magana shi ya gaskata ki. Kuma cikin biyar ɗin guda ɗaya kawai aka ambata. Ba dole ne kowanne ya sami wuri ba, sai in tambayar ta ce a yi bayanin kowane karin magana, wannan kuma wani aikin ne dabam da fitar da darasi.

Wataƙila ki karanta ki ga ke ba nan hankalinki ya fi tsayawa ba. Wata ɗalibar takan fi ganin cewa Gizo bai daddara ba, ta gina amsarta a kan cewa wahala kaɗai ba ta gyara mai mugun hali in shi bai yi niyyar gyaruwa ba. Wannan ma amsa ce karɓaɓɓiya, domin tana da hujja a labarin: ya fito daga hatsari ɗaya ya shiga cuta ta biyu a dare guda. Tatsuniya mai rassa irin wannan tana ɗaukar darasi fiye da ɗaya. Iyakar ita ce duk abin da kika ce, ki iya sa yatsa a kan layin da ya nuna shi, kuma kada wani sashe na labarin ya ƙaryata ki. Mai cewa a riƙa ziyartar dangi ba shi da layin da zai nuna. Mai cewa duk macuci yana gamuwa da hukunci, ƙarshen labarin ya ƙaryata shi.

Game da kalmomin kansu, kada ki wahalar da kanki wajen neman manya. Ɗalibai sukan zaci da kalmominka yana nufin da kalmomi masu nauyi, sai su cika amsa da abin da su kansu ba sa faɗa a baki. Kafin ki rubuta komai, ki kife takardar, ki sami ƙanwarki ko wani yaro da bai wuce shekara 10 ba, ki ba shi labarin, sannan ki gaya masa abin da labarin yake nufi ba tare da kin yi amfani da ko ɗaya daga cikin karin maganganun biyar ba. Ki hana kanki kalmar kwaɗayi ma a wannan karon, don ki tilasta wa bakinki ya nemo abin da Gizo ya aikata. In yaron ya ce "kamar yaya?", to jimlarki ba ta sauko ƙasa ba tukuna, ki kawo masa misalin mutum: wanda aka ara wa keke ya je ɗaukar kaya, ya isa can ya hana mai keken nasa rabon. In ya gyaɗa kai ya kawo miki nasa misalin, to abin da kika faɗa masa ɗin nan shi za ki zauna ki rubuta, ki gyara masa tsari, ki ƙara hujjarki daga labarin, ki kai wa malama.